Gangunan Giya Uku da Imel Ɗin da Na Aika wa Dila

Giyar famfo ba kamar ta kwalba ba ce wajen gane matsala. Kwalba in ta fashe a hanya ido na gani, sai a ƙirga a cire daga lissafi tun direba na tsaye. Ita kuwa ganga ƙarfe ce rufe ruf, lita 50 a ciki, ba ka ganin komai sai ka ɗaura ta a famfo, kuma kafin lokacin mota ta daɗe da barin Sabon Gari. Shi ya sa duk rigimar da ke tsakanin mai mashaya da dila a kan ganga takan koma ga tambaya ɗaya: a hannun wa ta lalace? Ni da ke riƙe da ƙaramar mashaya a nan Sabon Garin Kano na bi ta wannan hanya a zafin watan Afrilu, kuma zan faɗi yadda abin ya gudana tun daga sauke kaya har zuwa amsar da aka ba ni.

Ganga 12 aka kawo mini da rana tsaka, duk masu lita 50. Kowa ya san yanayin garinmu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000, kuma aka kafa hukumar Hisba, direban da ya ɗauko irin wannan kaya ba ya son tsayuwa. A lulluɓe da tamfol yake zuwa, yana so a sauke, a sa hannu, ya juya. Ban ga laifinsa ba. Amma takardar da yake miƙo maka, wato webil, a jikinta akwai layin da ke cewa ka karɓi kaya lafiya lau, kuma da zarar ka rattaba hannu a ƙarƙashinsa ba tare da ƙarin bayani ba, ka ba dila amsar da zai ba ka gobe. Don haka na ce wa direban, "Malam, zauna ka sha ruwa, sai na duba su ɗaya bayan ɗaya." Ya ce, "Madam, rana na yi, ina da sauran wurare." Na ce ai duban ba zai kai ya shanye ruwan ba.

Abubuwa uku nake dubawa a bakin ƙofa. Na farko murfin roba da ke rufe bakin ganga, wanda kamfani ke mannawa bayan an cika ta. In ya yage ko babu shi, to wani abu ya taɓa bakin. Na biyu takardar da ke manne a jiki, mai ɗauke da lambar rukunin da aka cika da ranar da giyar za ta daina aiki. Na uku nauyi. Ina da sikelin ƙasa irin na masu sayar da hatsi. Gangar ƙarfe mai lita 50 in babu komai a ciki takan kai kilo 12 zuwa 13, wasu ma an buga nauyinsu a jikin ƙarfen. Lita ɗaya ta giya kusan kilo ɗaya ce, saboda haka cikakkiyar ganga ya kamata ta nuna kilo 62 ko 63.

Goma sun wuce ba matsala. Ɗaya ta nuna kilo 57, murfinta a yage, kuma kewayen bakin yana danƙo, har ƙudaje na binsa. Ɗayar kuwa nauyinta daidai ne, amma zoben ƙarfen da ke samanta, inda ake kamawa a ɗaga, ya lotsa ciki, kuma wuyan bawul ɗin, wato ƙofar da ke bakin ganga inda giya ke fita, ya ɗan karkace gefe guda. Wannan alamar faɗuwa ce daga sama da ka, irin wadda ke faruwa in ana wurgo ganga daga mota ba a sa tsohuwar taya a ƙasa ba. Na sa yarona ya ɗauki hoton kowace a waya tun tana gindin mota, yadda lambar motar za ta fito a bayanta, sannan hoton allon sikeli, sannan hoton takardar jikinta kusa-kusa yadda za a iya karanta lambar. A kan webil kuma, sama da inda zan sa hannu, na rubuta da biro cewa na karɓi 10 lafiya, 2 da matsala, na faɗi matsalar kowace a taƙaice, na sa direban ya sa hannu a gefe. Ya yi ɗan guna-guni amma ya sa. Na ɗauki hoton takardar kafin ya yage tasa.

Ganga ta uku ita ce mai wuyar sha'ani, domin tana cikin goman da suka wuce. Murfinta lafiya, nauyinta kilo 62, babu ko ƙwarzane. Na bar su duka suka kwana a ɗakin ajiya su huce daga jijjigar hanya, domin gangar da ta sha rana da gargada in ka ɗaura ta nan take kumfa zalla za ta yi ta zubarwa. Washegari da yamma aka ɗaura ta. Kofin farko ya fito ba kumfa, ba ƙwayar iska ko ɗaya da ke tasowa daga gindin kofi, a baki kuma lami, kamar lemon kwalba da ya kwana a buɗe.

A nan ne mutum zai iya ɓata hujjarsa da hannunsa, don haka bari in tsaya a kai. Ƙarfin da ake ji a giya iskar CO2 ce da ta narke a cikinta, kusan giram 5 a kowace lita a irin giyar da muke sayarwa. Abin da ke riƙe iskar a cikin ruwan shi ne matsin da ke cikin ganga, kuma yawan matsin da ake buƙata ya danganta da zafi. In ganga na da sanyin digiri 4, matsi ƙasa da bar 1, wato ma'aunin matsi, a agogon regileta, na'urar da ke daidaita gas ɗin da ke shiga ganga, ya wadatar. In tana digiri 20 sai kusan bar 2. A digiri 30, wanda shi ne abin da ɗakin ajiya ke kaiwa a Kano cikin bazara, sai ya doshi bar 3. Ma'anar wannan ita ce, lafiyayyar ganga mai ɗumi da ba a taɓa buɗewa ba tana ɗauke da matsi mai yawa na kanta. Kuma in ka bar gangar da ta yi lami a haɗe da silindar gas ɗinka, wadda ke turo giya zuwa famfo, na wasu kwanaki, za ta riƙa shan gas ɗinka a hankali har ta ɗan farfaɗo. Ranar da wakilin dila ya zo dubawa sai ya tarar da kumfa, ya ce ƙarya kake, ga shi kuma ka yi asarar gas.

Saboda haka da na ɗanɗana kofin nan, na ce wa yaron, "Rufe gas ɗin yanzu." Ya rufe daga silinda. Muka buɗe famfo, sai giyar ta ɗan zubo siririya ta tsaya. Ya ja zoben sakin iska da ke jikin kan haɗi, wato ƙarfen da ake murɗawa a bakin ganga, sai wani ɗan huci kaɗan ya fito ya mutu. Muka cire ta muka ɗaura wata daga cikin kayan ranar, a kan tiyo ɗaya, famfo ɗaya, gas na nan a rufe. Wannan da ƙarfin kanta ta cika kofi da kumfa, zoben kuma da aka ja sai da ya yi ƙara. Duk wannan a bidiyo guda aka ɗauka ba yankewa, yana nuna lambar kowace ganga da agogon regileta. Wannan gwajin shi ne ƙashin bayan ƙorafina, domin ya cire tiyo, ya cire injin sanyaya, ya cire silinda daga zargi. Abin da ya bambanta kofi biyun nan ganga ce kawai.

Sai na kaɗa ruwan sabulu na zuba a bakin bawul ɗin wadda ta yi lamin. Ba ta yi kumfa ba da farko, tunda ba sauran matsi a ciki. Muka sake haɗa ta, muka ba ta gas na ɗan lokaci kaɗan, muka cire kan haɗin, na sake zuba ruwan sabulun. Sai ga ƙananan ƙwayoyin kumfa suna tasowa a jere ta gefe ɗaya na baƙar robar da ke cikin bawul. Robar ta tsage, tsagin da ido ba zai gani ba sai an haska fitila. Ganga in tana tsaye, iska ce a saman ta, don haka ta wannan tsagin iska ce ta yi ta fita, ruwa bai fita ba. Shi ya sa sikeli bai nuna komai ba.

Ta biyun, mai karkataccen wuya, na gwada sau ɗaya na ga kan haɗi ba ya zama daidai, sai na bar ta. Ba a dukan wuyan ganga da guduma don a miƙe shi, ba a kuma kwance bawul ɗinta. Abu ne mai matsi a ciki, yana iya harbo ƙarfen ya raunata mutum, kuma gangar ma ba tawa ba ce, ta kamfani ce, kuɗin ajiya kawai na biya a kanta. Ta farkon mai yagaggen murfi ban ɗaura ta ba sam. Na jera su uku a lungu, na rubuta musu lamba da alli.

A daren na kira manajan dilan a waya, ya ce, "Madam, kar ki damu, za mu duba." Na san wannan "za mu duba" ɗin. Maganar waya ba ta da sawu, kuma shi kansa manajan ba daga aljihunsa zai biya ba, sai ya tura ƙorafin sama zuwa inda aka cika gangar, su kuma can takarda da hoto suke nema. Ban da haka, mu masu wannan sana'a a Kano ba mu cika son maganarmu ta kai gaban hukuma ba, kowa ya san dalili. Abin da ya rage mana shi ne rubutun da ya fi ƙarfin musu. Na zaɓi imel maimakon saƙon waya saboda yana ɗauke da rana da lokaci, ana iya sa akawunsu a kwafi, kuma hotuna ba sa dusashewa. A layin take na sa lambar webil, ranar kawo kaya, da kalmomin "ganga 3 masu matsala", domin duk wanda ya nema daga baya ya samu. Ga abin da na rubuta:

"Ranka ya daɗe Manaja, barka da aiki. Ina rubuto maka ne game da ganga 12 masu lita 50 da motarku ta sauke mini ranar Talata 16 ga Afrilu da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Tara lafiyarsu lau. Uku ba za su sayu ba, kuma ga bayanin kowace.

Ta farko ta zo da murfin bakinta a yage, giya ta bushe a kewayen bawul, nauyinta kilo 57, alhali sauran suna tsakanin 62 da 63. Ta yi asarar kusan lita 5 kafin ta iso. Ban ɗaura ta ba. Na rubuta wannan a webil, direbanku ya sa hannu.

Ta biyu zoben samanta ya lotsa, wuyan bawul ya karkace, kan haɗi ba ya zama. Cike take, ba a zuba ko kofi ɗaya daga cikinta ba. Ita ma tana rubuce a webil.

Ta uku ta zo da murfinta, nauyinta daidai. Mun ɗaura ta ranar Laraba da ƙarfe biyar na yamma, tun kofin farko babu gas a cikinta. Da muka rufe silinda ba ta iya turo giya ba, amma wata daga cikin kayan ranar ta turo da ƙarfinta a kan tiyo ɗaya da famfo ɗaya. Ruwan sabulu ya nuna robar bawul ɗinta na yoyon iska. Abin da aka zuba daga cikinta bai kai lita 2 ba, nauyinta yanzu kilo 60 da ɗoriya.

Na haɗa hoton webil, hoton takardar jikin kowace ganga da lambarta, hoton sikeli, da bidiyon gwajin. Ina roƙon a zo a ɗauke ukun a musanya mini da wasu kafin ranar Juma'a da rana, domin ƙarshen mako shi ne cinikina. In hakan ba zai yiwu ba, a ba ni takardar rage kuɗinsu daga bashin da ke kaina, har da harajin VAT da aka ɗora a kansu, kuma kada a lissafa mini kuɗin ajiyar gangunan sau biyu. Kuɗin taran nan zan biya a kan lokaci kamar yadda muka saba. Suna nan a ajiye a inuwa, wakilinku na iya zuwa ya duba kowane lokaci daga ƙarfe goma na safe. Na gode, a gaida mutanen ofis."

Akwai abubuwan da na bari da gangan. Ban ce sun saba yi mini haka ba, ban ce zan koma wurin wani dila ba, ban kuma zargi direba da sata ba duk da lita biyar ɗin nan. Ban ga ya buɗe ba, kuma bawul mai yoyo a gangar da aka kwantar a mota na iya zubar da fiye da haka a tafiyar sama da kilomita 200 daga Kaduna. In ka sa zargin da ba ka da hujjarsa, a kansa za a tsaya a yi ta musu a bar ainihin maganar. Haka nan na ambaci taran da ke lafiya da alkawarin biyansu, domin dila in ya ga ƙorafi abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne mai shago na neman hanyar riƙe kuɗi ne. Ban kuma sa lissafin ribar da na rasa ba. Ganga ɗaya kofi 100 ce na rabin lita in ba a cire abin da ke tafiya a kumfa ba, uku kuwa ciniki ne mai yawa, amma ban taɓa ganin dilan da ya biya riba ba. Kuɗin kaya ko musanya, a nan hakkina ya tsaya.

Amsa ta zo washegari, gajeriya. Ta farko da ta biyu an amince ba gardama, tunda ga hannun direba a webil. A kan ta ukun kuwa manajan ya rubuta cewa murfinta na nan lokacin da na karɓa, kuma mai yiwuwa zafin ɗakin ajiyata ne ya kashe giyar, ko kuma gas ɗina ne ya ƙare ban lura ba.

Waɗannan su ne amsoshin da kowane dila ke bayarwa, kuma ba laifi a ce wani lokaci gaskiya ne. In matsin regileta ya yi ƙasa da abin da zafin ɗakin ke buƙata, giya na sakin iskarta a hankali yayin da ganga ke raguwa, sai rabin ƙarshe ya fito lami. Haka nan kofi mai maiƙo ko sauran sabulu yana kashe kumfa. Amma duk waɗannan ba sa faruwa a kofin farko na sabuwar ganga alhali 'yar'uwarta na kumfa a kofi iri ɗaya. Batun zafi kuma, zafi na tsofar da ɗanɗanon giya da wuri, wannan haka ne. Sai dai ba ya fitar da iska daga gangar da ke rufe. Abin da yake yi shi ne ya koro iskar daga ruwa zuwa ɗan sararin da ke sama, matsi ya ƙaru, in ta huce kuma iskar ta koma. Gangar da zafi ya dama kumfa take yi fiye da kima, matsinta ba ya ɓacewa. Murfin roba kuwa ƙura yake tarewa, yana kuma nuna ba a buɗe ba, amma ba ya riƙe iska. Wannan na rubuta masa a layi huɗu, a ƙarƙashin imel ɗin farko domin zaren maganar ya zauna wuri ɗaya, na ce ya dubi bidiyon daga inda aka rufe silinda, na kuma sake gayyatar wakilinsu.

Wakilin ya zo da safiyar Juma'a, saurayi ne mai ladabi. Ya ce, "Mama, ina gangar?" Na nuna masa. Ya haska fitilar waya a bawul, ya danna robar da ɗan yatsa, ya ba ta gas da nasa kan haɗin, ya zuba ruwan sabulu, kumfar ta taso a inda ta taso mana. Ya ɗora ta a sikeli ya ga 60 da ɗoriya kamar yadda na rubuta. Wannan nauyin ya taimaka ƙwarai, domin a ganina da an sha rabinta babu dilan da zai karɓa, sai ya ce ka sayar ka ci kuɗi sannan ka dawo da saura. Ya cike takardarsu ta mayar da kaya, ya rubuta lambar kowace ganga, na sa hannu, ya ba ni kwafi.

Biyu aka musanya mini a ranar, mai yagaggen murfi da mai karkataccen wuya. Ta ukun suka ce sai ta koma inda aka cika ta an tabbatar, don haka ba musanya, sai ragi. Na nemi ya rubuta hakan a imel kafin motar ta tafi da ita, ya rubuta daga wayarsa a gabana. Ragin ya fito a takardar lissafin wata mai zuwa, amma kuɗin giyar kawai aka cire, aka bar harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, kuma gangar tana nan a jerin waɗanda ake bina, kamar ban mayar ba. Na tura wa akawunsu hoton kwafin takardar mayar da kaya tare da layin imel ɗina na farko inda na ambaci harajin da kuɗin ajiya, aka gyara duka biyun a lissafin da ya biyo baya.